Yadda ake gwada umarnin tushe biyu a san wanda ya fi

Umarnin tushe shi ne rubutun da masu manhaja suke ɗora wa ƙirƙirarriyar basira tun kafin kowa ya yi mata tambaya, yana tsara mata harshe, tsawon amsa da abin da za ta kauce wa. Idan aka samu rubutu biyu, gwajin A/B ne yake raba gardama.

A ɗauka manhaja ce mai ba manoman gero shawara a Sabon Birni da Isa. Rubutun A yana neman amsa gajeriya, B kuwa mai cikakken bayani. Sauran komai iri ɗaya ne. Ana raba manoman gida biyu ta hanyar ƙuri'a, kowa ya tsaya a rukuninsa har ƙarshe. Kuskure ne babba a ba Sabon Birni A, a ba Isa B, domin bambancin ƙarfin sabis tsakanin garuruwan zai shiga cikin sakamakon.

Yawan mutane yana da nauyi. Idan 60 cikin 100 suka gamsu da A, 66 cikin 100 da B, tazarar ba ta wuce abin da sa'a kaɗai take kawowa ba. Idan mutum 1,000 ne a kowane rukuni, tazarar kashi 6 ta zama hujja.

Sai dai gamsuwa daban, gaskiya daban. Manomi yana iya yaba amsa mai daɗin ji alhali ta faɗi ma'aunin taki ba daidai ba, kuma ba kowa ne yake danna alamar yabo ba. Saboda haka ana duba masu maimaita tambaya ɗaya, malamin gona kuma ya karanta wasu amsoshin ba tare da sanin rukuninsu ba. Rubutun da ya fi samun yabo amma ya fi kuskure ya faɗi gwajin.