Ɗigon da ke faɗin yawan ƙarfen da ke cikin ƙwayar magani

A jikin kwalin maganin ƙarin jini da ake ba masu juna biyu, sau da yawa za ka ga an rubuta cewa kowace ƙwaya tana ɗauke da miligiram 65 na sinadarin ƙarfe. Ana iya tabbatar da wannan adadi a ɗakin gwaje-gwaje na makarantar sakandare, da kayan aiki kaɗan da wani ruwa mai launin shunayya da ake kira famanganet na fotasiyam, wanda ake rubutawa KMnO₄. Hanyar ta daɗe. Wani masanin kimiyya Bafaranshe, Frédéric Margueritte, shi ya bayyana ta a 1846 don auna ƙarfe, kuma har yau ana koyar da ita.

Sunan aikin taitireshan. Ana zuba ruwan da aka san ƙarfinsa a cikin buret, wato dogon bututun gilashi mai zanen awo da famfo a ƙasa, a riƙa ɗiga shi cikin abin da ake son aunawa har su cinye juna daidai. Yawan ruwan da aka ɗiga shi ne ke faɗin amsar. Wahalar kullum ita ce sanin lokacin tsayawa. Ɗaliban da suka auna asid da bes sun san cewa sai an ɗiga wani rini na daban, manuni, wanda zai sauya launi idan an kai gaɓa. Da famanganet ba a bukatar wannan rini, kuma dalilin yana cikin abin da ke faruwa a kwalbar.

Ƙarfen da ke cikin ƙwayar maganin yana cikin siffar Fe²⁺, wadda a shirye take ta saki ilektoron guda ta koma Fe³⁺. Shi kuwa famanganet, MnO₄⁻, mayunwacin ilektoron ne: idan akwai isasshen asid, kowane guda ɗaya nasa yana karɓar biyar. Don haka famanganet ɗaya yana cin ƙarfe biyar.

```
MnO₄⁻ + 8H⁺ + 5Fe²⁺ → Mn²⁺ + 5Fe³⁺ + 4H₂O
```

Dubi abin da famanganet ya koma a ɓangaren dama: Mn²⁺, wanda a tsinkakken ruwa kusan ba shi da launi ko kaɗan. Ke nan da zarar ya karɓi ilektoron ɗinsa, shunayyar ta tafi. Wanda ke riƙe da famfon yana ganin haka da idonsa. Ɗigo ya faɗa, ya yi ɗan tabo ja, a kaɗa kwalbar, tabon ya ɓace nan take. Haka za a ci gaba muddin akwai sauran Fe²⁺, kamar busasshiyar ƙasa mai shanye duk ruwan da aka zuba mata, sai ta ƙoshi ruwa ya fara kwanciya a kanta. Idan an kusa gaɓa, tabon yakan ɗan jima kafin ya ɓace, kuma a nan ne ake rage gudu a koma ɗigo ɗaya-ɗaya. Ƙarfen na ƙarewa, ɗigon da ya biyo baya ba ya samun mai ba shi ilektoron, sai ya zauna da launinsa, ruwan kwalbar duka ya koma ruwan hoda mai haske. Idan launin ya tsaya kamar daƙiƙa 30 ana kaɗawa, an kai.

Amma rasa launi shi kaɗai bai isa ba. Sinadarai da yawa suna sauya launi, sai dai launin nasu ba ya da ƙarfin da ido zai kama ɗan ƙaramin rara. Famanganet ya bambanta da tsananin rininsa: ɗigo guda, wajen mililita 0.05, ya isa ya rina mililita ɗari na ruwa yadda za a gani, musamman idan an sa farar takarda a ƙarƙashin kwalbar. Haɗuwar waɗannan biyu, ɓacewar launi gaba ɗaya da kuma fitowarsa daga ɗigo ɗaya tak, ita ta sa yake zama manunin kansa.

Ga yadda lissafin ƙwaya ɗaya yake tafiya. A niƙa ta, a narkar da garin cikin tsinkakken asid na salfurik, a ɗiga famanganet mai ƙarfin mol 0.0100 a kowace lita. A ce ruwan hoda ya tsaya bayan mililita 23.2. Wannan ya ba da milimol 0.232 na famanganet. A ninka sau biyar, ya zama milimol 1.16 na ƙarfe. Kowane milimol na ƙarfe yana da nauyin miligiram 55.85, don haka ƙwayar tana da kusan miligiram 64.8, ya yi daidai da abin da ke jikin kwali. Mai lura zai ce ai ɗigon ƙarshe rara ne, bai ci ƙarfe ba. Gaskiya ne, amma a wannan awo ɗigo guda daidai yake da miligiram 0.14 kacal na ƙarfe.

Zaɓen asid ba abin wasa ba ne, kuma a nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. Asid na haidirokulorik ba ya dacewa, domin famanganet yana iya far wa kuloraid ɗin da ke cikinsa ya mayar da shi iskar kulorin, sai a kashe famanganet fiye da kima, amsa ta fito sama da gaskiya. Asid na naitirik kuma shi kansa yana ƙwace ilektoron daga ƙarfen kafin famanganet ya iso, amsa ta faɗo ƙasa. Salfurik ne ba ya shiga faɗan. Kuma dole ya wadata: idan ya yi kaɗan, famanganet yakan tsaya a rabin hanya ya zama MnO₂, wani laka-laka mai ruwan ƙasa da ke gurɓata kwalbar. Wanda ya ga wannan launi ya zubar ya sake sabo, domin lissafin ɗaya-da-biyar ya riga ya rushe.

Akwai kuma Fe³⁺ da ke taruwa ana cikin aiki, mai launin rawaya-rawaya, wanda kan sa ruwan hodan ƙarshe ya yi kama da ruwan lemo idan ƙarfen yana da yawa. Ɗan asid na fosforik yana ɗaure shi ya kashe rawayar, gaɓar ta fito tsaf.

Abin da nake ganin ya fi muhimmanci mai aunawa ya riƙe shi ne, launin yana faɗin cewa abin da ke ba da ilektoron ya ƙare, ba ya faɗin ko mene ne abin. Wasu ƙwayoyin ƙarin jini ana haɗa su da bitamin C, shi ma kuma yana kashe launin famanganet, don haka za a ƙirga shi a matsayin ƙarfe, amsa ta kumbura. A ɗaya gefen, idan aka narkar da ƙwayar aka bar ta a buɗe ta kwana, iska za ta mayar da wani ɓangaren ƙarfen Fe³⁺, wanda famanganet ba ya taɓawa sam. Shi ya sa masu auna dutsen tama, wanda yawancin ƙarfensa Fe³⁺ ne, sukan fara mayar da shi duka Fe²⁺ da zinki ko da kuloraid na kuza kafin su buɗe famfo.

Shi kansa ruwan famanganet ƙarfinsa yana raguwa a ajiye, haske kuma yana hanzarta lalacewarsa, don haka ake zuba shi a kwalba mai duhu. Kafin a amince da adadin 0.0100 da ke jikin kwalbar, sai an gwada shi da wani tsaftataccen sinadari da aka auna a sikeli, kamar okzalet na sodiyam. Idan ruwan ya yi rauni ba a sani ba, za a ɗiga fiye da yadda ya kamata, kuma kowace ƙwaya da aka auna da shi za ta nuna ƙarfen da babu shi a cikinta.