Amoksisilin da amodiyakin: sunaye masu kama da juna, aiki daban

Daga watan Yuli zuwa Oktoba, lokacin da sabro ya yi yawa, likitocin Dogon Dutsi, Matankari, Ɗan Kasari, Tibiri, Gecheme da Kore Mairuwa cike suke da uwaye riƙe da yara masu zafin jiki. A wannan cunkoso ne ake samun wani kuskure da ba a cika yin maganarsa ba: a rubuta ma yaro magani kaza, a miƙo ma uwarsa wani daban, don kawai sunayen biyu sun yi kama a ido ko a kunne. Yau za mu ɗauki sunaye biyu da sunka fi shiga gidajenmu, mu ga yadda ake rikita su, da yadda kowa zai iya tare kuskuren tun magani bai shiga bakin yaro ba.

Na farko shi ne amoksisilin. A kan kwali za ku ga an rubuta Amoxicilline in da Faransanci ne, ko Amoxicillin in daga Najeriya ya shigo. Maganin ƙwayoyin cuta ne, shi ake ba yaro mai ciwon huhu, wato tari da saurin numfashi. Na biyu shi ne amodiyakin, a rubuce Amodiaquine. Wannan na masassarar cizon sabro ne. Shi ne ƙwayar nan ruwan ɗorawa da ke cikin maganin rigakafin damina da ake bi gida-gida ana ba yara ƴan wata 3 zuwa wata 59. Dukansu biyu da “amo” sunka fara, dukansu na yara ne, dukansu kuma akwai irin ƙwayarsu da ake narkawa cikin ruwa. Amma amoksisilin bai taɓa masassarar sabro, amodiyakin kuma bai san hanyar huhu ba.

Bari mu ɗauki misali, mu bi shi daki-daki. Yaro ne ɗan shekara biyu, yana tari, jiki da zafi. An kai shi likita, an ɗauki jini a yatsa, awo ya nuna babu masassarar sabro. Ma'aikacin lafiya ya ƙirga numfashinsa, ya samu 48 a minti guda. Ga yaro mai shekara ɗaya zuwa biyar, in numfashi ya kai 40 a minti an shiga saurin numfashi, to ciwon huhu ke nan. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, yaro mai waɗannan shekaru zai sha amoksisilin mai miligiram 250, ƙwaya biyu da safe, biyu da marece, kwana biyar. Jimilla ƙwaya 20.

To a ce maganin ya ƙare a likita ranar. An rubuta takarda da sauri, harafi ukku na farko sun fito sarai, sauran sun zama zane kamar sawun kaza. Uban ya aiki ƙanensa da babur. Shi kuma mai sayarwa ya ga “amo”, ya ji an ce yaro ne ke zafin jiki, ga shi damina ce, sai hannunsa ya tafi ga amodiyakin. Ya zuba ƙwayoyin cikin ƴar leda, ya ja layi biyu nan, biyu can, kamar yadda takarda ta ce.

Ku dubi lissafin. Yaro mai wannan shekaru, amodiyakin ɗinsa ƙwaya ɗaya ce mai kimanin miligiram 150, sau ɗaya a yini, kwana ukku kacal. In an ba shi bisa tsarin amoksisilin, zai sha huɗu a yini guda, ninki huɗu na abin da jikinsa ke iya ɗauka, gobe kuma a ƙara. Ɓarnar ta zama biyu. Ciwon huhu yana can yana ci gaba ba tare da magani ba, ga kuma maganin da ya wuce kima yana aiki a jiki: amai ba tsayawa, kasala, barci mai nauyi, wani lokaci wuya ya sandare ko harshe ya riƙa fitowa waje, har bugun zuciya yana iya rikicewa. Iyaye da yawa in sun ga haka sai su ce iska ce ta taɓa yaro, a nufi wajen mai magani na gargajiya, alhali abin yana cikin ledar da ke rataye a ɗaki.

Kuskuren yana juyawa ta ɗaya gefen ma. In yaro mai masassarar sabro ya samu amoksisilin, babu wata alama ta guba da za ta tada hankalin kowa. Uwa tana ba da magani kan lokaci, hankalinta kwance, ƙwayar cutar kuma tana ta yawaita cikin jini. Bayan kwana biyu ko ukku sai a ga tafin hannu ya yi fari, ko yaro ya fara jijjiga. Wannan shirun shi ya sa ya fi wuyar ganewa.

Akwai wasu tagwayen kuma da ya kamata mu sani, su duka na masassarar sabro ne, su duka da “arte” sunka fara. Ɗaya artemeta da lumefantirin, wanda mutane sunka fi sani da Kowatam. Ɗaya kuma artesunat da amodiyakin. Ga yaronmu ɗan shekara biyu, mai nauyin da bai kai kilo 15 ba, Kowatam ƙwaya shida ce, ɗaya safe ɗaya marece, kwana ukku. Artesunat da amodiyakin kuwa ƙwaya ukku ce, ɗaya a yini. Wanda ya sha Kowatam sau ɗaya a yini ya sha rabin magani. Wanda ya sha ɗayan sau biyu a yini ya ninka. Wani abin lura kuma: yaron da ya sha maganin rigakafin damina a cikin watan, in masassara ta kama shi duk da haka, Kowatam ya kamata a ba shi, don kada amodiyakin ya hau kan amodiyakin. Saboda haka in kun kai yaro likita, ku tafi da katin rigakafinsa, ku faɗi ranar da ya sha na ƙarshe.

Wannan matsala ba a Arewa ta tsaya ba. A Amurka, a 1990, sai da anka canza sunan wani maganin gyambon ciki mai suna Losec, saboda ana rikita shi da Lasix, maganin da ke sa fitsari. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sunaye masu kama da juna cikin manyan abubuwan da ke cutar da majinyata. Sai dai mu nan muna da ƙarin nauyi. Magani yana zo mana da harshe biyu, na Yamai da Dosso da Faransanci, na kasuwannin bakin iyaka da Ingilishi. Da yawanmu ba mu karanta ko ɗaya. Kuma sau da yawa ana yanka katin magani, ko a ɓare ƙwayoyi a zuba a leda, sunan ya tafi tare da kwalin.

To me za mu yi? Mu fara da mai rubuta takarda. Ya rubuta sunan magani cikakke da manyan haruffa, kada ya taƙaita. Ya sa ƙarfinsa, da sau nawa, da kwana nawa, da shekarun yaro ko nauyinsa. Sannan ya ƙara kalma guda, ciwon da ake ma magani. In takarda ta ce ciwon huhu, mai farmasi ba zai miƙo maganin sabro ba sai ya tsaya ya yi tambaya.

Mai bada magani kuma, a likita ne ko a farmasi, kada ya jera waɗannan biyu kafaɗa da kafaɗa don kawai harafinsu ɗaya. A raba musu kanta, na sabro gefe guda, na ƙwayoyin cuta gefe guda. A kan kantar a manna takarda da ke fito da inda sunayen sunka bambanta da manyan haruffa, kamar amoXICILLINE da amoDIAQUINE. Ya karanta suna sau ukku: lokacin ɗaukowa, lokacin ƙirgawa, lokacin miƙawa. In rubutu bai fito ba, ya buga waya ga wanda ya rubuta, kada ya cika sauran haruffan da zato. Duk ledar da za ta fita kuma a rubuta mata suna a jiki.

Sai mu iyaye, mu ne shinge na ƙarshe, kuma ba sai mun iya karatu ba. Kafin ki bar gaban ma'aikacin lafiya, uwa, ki tambaye shi: wane ciwo ne, ƙwaya nawa za a ba ni duka, kwana nawa? Ki riƙe amsar. In kin je karɓa, kada ki faɗi ciwon, ki bari mai miƙo maki ya faɗa: “Malam, wannan na wane ciwo ne?” In likita ya ce huhu, shi kuma ya ce sabro, a nan za ki tsaya. Sannan ki ƙirga. An ce maki 20 na kwana biyar, kin ga ukku? An ce shida, kin ga ukku? Ki koma ki tambaya, babu kunya a ciki. In siro ne, ki lura: amoksisilin galibi gari ne a kwalba, sai an zuba masa ruwa mai tsabta, amodiyakin kuwa ruwa ne tun daga kanti. Launi yana taimakawa, amma kada a dogara da shi shi kaɗai, don kamfanoni sun yi yawa, kowa da irin kwalinsa.

Ƴan uwanmu na Yamai, Legas, Kwatano da Abijan, ku ma da naku. Sau da yawa ku ake kira a ce a sayo magani a ba mota ta kawo. Kada ku saya da sunan da kunka ji a saƙon murya. Suna in ya bi ta baki ukku, “amo” kaɗai ke isowa. Ku ce a ɗauko hoton takardar likita a turo, ku nuna ma mai farmasi hoton. In kun saya, ku aiko da magani cikin kwalinsa, kuma ku ce a kai ma majo na likitar garin ya duba kafin a fara ba yaro.

In kuwa an riga an fara, kuma kunka ga yaro yana ta amai, ko barci ya yi masa nauyi, ko wuyansa ya sandare, ku dakatar da maganin, ku ɗauki yaro da ledar da takardar gaba ɗaya ku tafi likita nan take, ko da dare ne. Haka nan in an kwana biyu ana shan magani zafin jiki bai sauka ba, ko numfashi ya ƙara sauri. Amma mu bambanta: yaro ya yi amai sau ɗaya bayan ya sha ƙwayar rigakafin damina bisa ƙa'ida, wannan yana faruwa, ba dalilin ƙin karɓar ta ba ne. A faɗa ma wanda ya kawo ta, zai gaya maku abin yi. Ragowar ƙwayoyin da ba su da suna a jiki kuma, waɗanda ke cikin kwano ko ƙarƙashin katifa, a maida su likita, kada a ba wani yaro.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu ga ƙarshen damina lafiya.