Abin Da Sikelin Ɗan Gyaɗa Ke Faɗa

Auna buhun gyaɗa 100 a kasuwar Dawanau, ba za su zo daidai ba. Akasarinsu na taruwa kusa da matsakaicin nauyi, masu nauyi sosai da marasa nauyi kaɗan ne. In ka zana su, sai siffar ƙararrawa ta fito.

A ce matsakaicin kilo 50 ne, bazuwar kilo 2. Kusan buhu 95 za su faɗa tsakanin 46 da 54.

To, matsakaicin dukan sito fa? Raba 2 da 10, tushen 100, ka ninka biyu: 49.6 zuwa 50.4. Wannan hanya tana dacewa sau 95 cikin 100, muddin ba buhunan bakin ƙofa kaɗai ka ɗiba ba.