Baƙin Hayaƙin Injin Dizal: Iska Ce Ta Gaza Ko Nozul Ya Lalace?

Injin dizal ba shi da fulogi. Fistin ne ke matse iska a cikin silinda, ya rage girmanta sau 16 zuwa 20, har zafinta ya haura digiri 500. A daidai lokacin nozul zai fesa mai, zafin iskar ya kunna shi. Duk abin ɗan ƙiftawar ido ne, kuma dole kowane ɗigon mai ya samu iskar da za ta ƙone shi. Wanda bai samu ba zafi ya gasa shi ya koma kunkunniya, ita ce baƙin da muke gani yana fita daga salansa. Haka fitilar ƙwai take yi idan aka ɗaga lagwani fiye da kima: mai ya fi ƙarfin iska, gilashi ya yi baƙi.

Iskar da ake buƙata ba kaɗan ba ce. Lita ɗaya ta dizal tana cin iska wajen lita 10,000 kafin ta ƙone sarai, kuma a aikace injin yana son rara a kan haka, domin mai da iska ba sa samun lokacin gauraya sosai. Saboda haka baƙin hayaƙi abu biyu yake nufi: ko iska ta gaza, ko man bai shigo yadda ya kamata ba.

Ba kowane hayaƙi ne ciwo ba. Tsohuwar mota mai turbo takan yi ɗan tunnuƙe idan direba ya taka totur da ƙarfi, domin mai ya riga iska zuwa kafin turbo ya ɗauki gudu. Cikin daƙiƙa biyu ya washe. Wanda ya kamata ya dami mai mota shi ne hayaƙin da ya ƙi yankewa.

Mu ɗauki tifa mai silinda shida da ke jigilar yashi a lokacin hunturu. A tsaye injin yana aiki lafiya lau, ba rawa, ba hayaƙi. Da an loda ta ta kama hawa, sai ƙarfi ya ragu, baƙin hayaƙi ya turnuƙe hanya. Wannan alamar iska ce, domin a tsaye injin ɗan mai yake sha, iska kaɗan ta ishe shi; sai kaya ya yi nauyi gazawar take bayyana. Makaniken kirki zai fara buɗe matatar iska, wadda ƙurar hunturu da ta kwari kan toshe da wuri. Idan ta cushe, a sa sabuwa. Buga ta da ƙasa ko hura ta da iska mai ƙarfi yana yaga takardar, ƙura ta wuce ta cinye zoben fistin. Idan matatar lafiya take, sai a bi tiyon da ke kai iska daga turbo zuwa inji. Tsagewa ko kwancewar maɗauri takan ba da ƙara kamar fito lokacin hawa, kuma akan ga danshin mai a bakin wurin.

Ciwon nozul daban yake. Ramukansa ƙanana ne ƙwarai, wasu ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, kuma aikinsu su mai da man ya zama hazo. Gurɓataccen mai, mai ruwa ko yashi, yana cinye bakin allurar, sai nozul ya koma tsiyaya maimakon feshi. Manyan ɗigo ba sa ƙonewa har ciki. A nan injin yakan yi rawa ko a tsaye, a ji ƙwanƙwasa, ya riƙa shan mai, wani lokaci ma a ga man inji ya ƙaru a sandar awo yana warin dizal. A tsofaffin injina, makaniki kan sassauta bututun kowane nozul ɗaya bayan ɗaya: silindar da aka sassauta amma sautin injin bai sauya ba, ita ce mai laifi, sai a cire nozul ɗinta a gwada feshinsa a na'ura. Kada a yi wannan a injinan zamani masu kwamfuta, inda matsin mai kan kai ba 1,600 zuwa sama da 2,000. Feshinsa yana huda fata, yana iya sa a rasa yatsa.

Abin da ya fi damuna shi ne al'adar juya famfon mai don a ƙara wa mota ƙarfi. Motar da iska ta gaza mata, ƙarin mai ba ya ba ta komai sai zafi. Kunkunniya ta cika man inji, turbo ya gasu, kan fistin yana iya narkewa, mutanen gefen titi kuma su shaƙi hayaƙin da hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya a jerin masu jawo sankarar huhu tun 2012. A fara duba matatar iska da tiyo, sannan nozul, kada a taɓa famfo sai an wanke waɗannan daga zargi.