Yadda Ake Rubuta Sayar da Tsohon Inji a Kan Asara

Duk injin da kamfani ya mallaka yana da asusu biyu a littafin akanta. Na farko yana ɗauke da kuɗin da aka saye shi, kuma ba ya canzawa. Na biyu yana tara ragin darajar da ake yi masa kowace shekara saboda tsufa da aiki. Ranar da aka sayar da injin, dole a rufe su duka biyun.

A ɗauki misalin kamfanin da ya sayi injin casar shinkafa a kan naira 5,000,000, aka ƙiyasta zai yi shekara 10 yana aiki, wato ragin naira 500,000 duk shekara. Bayan shekara 7 da wata 6 sai aka sallama shi a kan naira 900,000.

Kafin komai, ana cike ragin darajar har zuwa ranar ciniki. Na shekara 7 ya kama naira 3,500,000, sai a ƙara 250,000 na wata 6 ɗin da ba a riga an rubuta ba, ya zama 3,750,000. Nan ne akantoci masu gaggawa ke tuntuɓe, domin in an tsallake watannin, asarar za ta kumbura da daidai wannan adadi.

Darajar injin a littafi yanzu naira 1,250,000 ce, kuma da ita ake auna asara, ba da kuɗin saye ba. Mai kamfani zai iya kukan ya faɗi miliyan huɗu da ɗoriya, amma an riga an cire mafi yawan wannan kuɗi daga ribar shekarun baya. Asarar cinikin naira 350,000 ce kawai.

A ɓangaren hagu, wanda ake kira debit, ana rubuta abu uku: 900,000 a asusun banki, 3,750,000 a asusun ragin daraja don a shafe shi, da 350,000 a asusun asara. A ɓangaren dama, wato kiredit, ana rubuta 5,000,000 a asusun inji. Hagu da dama sun yi daidai ke nan. Asarar kuma tana shiga lissafin riba da asara na shekarar, kamar yadda ƙa'idar IAS 16 ta tanada.

Kuskuren da ya fi muni shi ne a zuba 900,000 ɗin cikin cinikin yau da kullum, kamar shinkafa aka sayar. Riba za ta ƙaru a takarda alhali faɗuwa aka yi. Gane wannan ba wuya: mai binciken kuɗi zai tarar da inji a rajistar kadarori, ana ta rage masa daraja, amma babu shi a masana'anta.