Sanarwar Gayyar Shara: Yaushe, a Ina, da Me Za a Zo

A Kano, Asabar ɗin ƙarshen wata ranar tsaftar muhalli ce. Daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe ake taƙaita zirga-zirga domin kowa ya gyara inda yake. Ƙungiyoyin matasan unguwa da yawa sukan ɗora gayyar yashe kwata a kan wannan lokaci, tunda jama'a na gida, kuma yanzu ta waya ake yawan yin kiran: hotuna uku ko huɗu a jere, kowanne da ɗan rubutu, mutum yana turawa da yatsa daga wannan zuwa wancan. Sau da yawa tun a cikin hotunan nan gayyar take lalacewa, tun ba a ɗaga shebur ba.

Mu ɗauki layi mai gida arba'in, da kwata guda da ta cushe da leda da yashi, damina kuma ta ƙarato. Hoton farko aikinsa ɗaya ne, ya faɗi rana da lokaci da wuri. Mai shirya shi yakan cika shi da tambarin ƙungiya da doguwar gaisuwa, ya kai lokacin can hoto na uku, alhali mutane da yawa daga na farko suke wucewa. A rubuta sunan ranar haɗe da kwanan wata, don "Asabar mai zuwa" tana canza ma'ana idan saƙon ya kwana biyar yana yawo. A kuma faɗi lokacin tashi. Magidancin da ya ga "7 zuwa 10" ya san zai samu kasuwarsa, wanda kuwa aka ce masa "da safe" kawai sai ya ɗauka yini za a yi, ya turo ɗansa ɗan shekara tara.

Wurin haɗuwa ya zama guda, kuma wanda ba a gardama a kansa. "Bakin masallaci" ba adireshi ba ne a unguwar da kowane lungu ke da nasa. Ƙofar gidan mai unguwa ko gindin taransifoma sun fi, musamman in an ɗauki hoton wurin an sa.

Akwai wata dabara da ba kowa ke lura da ita ba. A WhatsApp jerin nan ba ya zama a haɗe; wani zai ciri hoton kayan aiki shi kaɗai ya tura wa maƙwabcinsa. Saboda haka a maimaita rana da lokaci da wuri a ƙasan kowane hoto, ko da layi ɗaya ne.

Sai batun kayan aiki, inda aka fi yin sakaci. In aka ce "kowa ya zo da abin aikinsa", tsintsiya talatin za a gani da shebur biyu, tsintsiya kuwa ba ta yashe kwata. Gara a raba: gidajen gabas su kawo shebur da manjagara, na yamma su kawo buhuna da baro, masu diga su yi magana tun jajibere. Baro biyu ko uku sun ishi layi irin wannan, muddin inda za a tara sharar ba shi da nisa. Duk wanda zai shiga cikin kwata sai da takalmin ruwa da safar hannu mai kauri, domin a ƙarƙashin laka akwai fasassun kwalabe da reza, wani lokaci har allurar da aka yar. Silifas ba ya kare komai. A rubuta ƙarara cewa yara ba sa shiga kwata; su tsinci leda, su kawo ruwan sha.

Hoto na ƙarshe ya amsa tambayar da dattawa za su yi: ina za a kai abin da aka kwaso? Kowa ya san tsibin baƙar laka da ake bari a gefen hanya har ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Laka tana bukatar kwana ɗaya ko biyu ta tsane kafin a loda ta, amma sai an san wanda zai kwashe, ko motar hukumar kwashe shara ta REMASAB ce aka nema, ko masu kura aka yi ciniki da su da kuɗin karo-karo. In ba a daidaita wannan ba, a jinkirta sanarwar. Ƙona leda a cikin layi kuma kada ma a fara, hayaƙin cikin ɗakunan mutane yake ƙarewa.

Ba kowa ke karanta boko ba, ba kuma kowa ke da babbar waya ba. A haɗa hotunan da saƙon murya gajere, wanda zai isa ga matan da ke cikin gida, sannan a roƙi liman ya tuna wa jama'a bayan sallar isha'i ta daren Asabar ɗin, mai unguwa kuma ya riga kowa sani.