Idan Masu Rinjaye Sun Danne Ka a Kamfani

A wajajen 1945 wasu mutum biyu, Ebrahimi da Nazar, suka fara kasuwancin dardumomi tare a birnin Landan, komai raba daidai. A 1958 suka mayar da harkar kamfani mai suna Westbourne Galleries, kowa da hannun jari 500. Ba a jima ba ɗan Nazar, George, ya shigo, kowannensu ya yanko masa 100. Daga ranar uba da ɗa suna da 600, Ebrahimi yana da 400. Kamfanin na samun riba sosai, amma ba a taɓa raba ta a kan hannun jari ba, a matsayin ladan daraktoci ake fitar da ita. Da zama ya yi tsami, a 1969 uba da ɗa suka haɗa ƙuri'a suka tsige Ebrahimi daga darakta. Jarinsa na ciki, ba ya samun ko sisi, kuma ba zai iya sayar da hannun jarin ba sai da yardar waɗanda suka kore shi.

Abin da ya sa labarin ya shafe mu shi ne, duk abin da suka yi doka ta ba su dama. A Najeriya ma, dokar kamfanoni ta 2020, wadda aka fi sani da CAMA, ta yarda a cire darakta da rinjayen ƙuri'a kawai. Haka rabon riba: sai daraktoci sun ba da shawara ake yinsa, kuma babban taron masu hannun jari na iya rage abin da suka kawo amma ba ya iya ƙarawa. Wanda ke riƙe da majalisar daraktoci, to, shi ke da makullin aljihun kowa.

Akwai kuma tsohuwar ƙa'ida da ta samo asali daga shari'ar Foss da Harbottle ta 1843, wadda sashe na 341 na CAMA ya ɗauka. Idan kamfani aka cuta, kamfani ne zai kai ƙara, ba ɗaya daga cikin masu hannun jari ba. Hikimar a fili take, don kada duk wanda aka kayar a taro ya garzaya kotu. Sai dai idan masu cutar su ne ke jan ragamar kamfanin, wa zai sa su kai kansu ƙara?

Ebrahimi ya yi nasara a 1972 a Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda ita ce kotun ƙoli a can a lokacin. Alƙali Wilberforce ya nuna cewa akwai kamfanonin da a haƙiƙa tarayya ce ta amana: mutane kaɗan, fahimtar cewa kowa zai sa hannu a gudanarwa, ga takunkumi a kan sayar da hannun jari. A irin wannan, korar mutum ta karya tushen da aka gina kamfanin a kai, ko da ba a karya doka ba. Aka ba da umarnin rushe kamfanin. A ganina wannan nasara ce mai ɗaci. Kamfanin da aka rushe kayansa ake sayarwa, sunan da ya yi da abokan cinikin da ya tara kuwa sukan tafi a banza. CAMA ma ta tanadi rushewa idan adalci ya buƙaci haka, amma ya kamata ta zama makamin ƙarshe.

Hanyar da ta fi amfani tana sashe na 353 zuwa 355. Mai hannun jari, komai ƙanƙantar rabonsa, yana iya shigar da koke a Babbar Kotun Tarayya, domin ita ke da hurumin shari'un gudanar da kamfani, cewa ana tafiyar da harkoki ta hanyar danniya, ko ta hanyar da ke cutar da shi ko nuna masa wariya ba bisa adalci ba. Wanda ke kula da dukiyar mamaci mai hannun jari ma yana da wannan dama, abin da ya kamata magada su sani, tunda sau da yawa bayan rasuwar uba ne abokan kasuwancinsa ke rufe littattafai. Kotu na iya hana wani mataki, ta soke wata yarjejeniya tare da biyan diyya, ta tsara yadda za a riƙa gudanarwa nan gaba, ko ta sa Hukumar CAC mai rajistar kamfanoni ta yi bincike. Amma abin da aka fi nema shi ne ta umarci sauran masu hannun jari, ko kamfanin kansa, su saye rabon wanda aka danne.

A nan rigimar ke komawa kan farashi. A misalta kamfanin da darajarsa ta kai naira miliyan 100, kai kuma kana da kashi 20 cikin ɗari. Lissafi ya ce miliyan 20 ne naka. Masu rinjaye za su taya maka miliyan 12, su ce ai rabon da ba ya iya zartar da komai ba ya daraja a kasuwa. A shari'ar O'Neill da Phillips ta 1999, Alƙali Hoffmann ya bayyana cewa tayin da ya dace ga wanda aka ware daga irin wannan kamfani shi ne cikakken rabonsa, galibi ba tare da wannan ragi ba, kuma ƙwararren da ba ya ɓangaren kowa ya ƙiyasta idan an kasa daidaitawa. Hukuncin kotunan Ingila ba tilas ba ne a kan alƙalan Najeriya, amma ana kafa hujja da shi. Ita kanta darajar sai an duba ta da kyau. Idan daraktoci suna yanka wa kansu albashin da ya wuce kima, ko suna sayar wa kamfanin ƙanensu kaya da araha, ribar da ke takarda za ta yi ƙasa, farashinka ya bi ta. Dole a nemi a mayar da waɗannan kuɗi cikin lissafi kafin a ƙiyasta.

Wannan hukunci na 1999 yana da ɗaya fuskar, domin O'Neill kayar da shi aka yi. Ya sa rai za a ƙara masa hannun jari har ya kai rabi, an ma yi ta maganar, amma ba a ƙulla alkawari ba. Kotu ta ce lalacewar zumunci da rushewar fata kaɗai ba su isa ba. Sai an nuna an saɓa wa ƙa'idojin kamfanin, ko wata fahimta da aka cimma wadda adalci ba zai bari a take ba. Saboda haka hujja ita ce komai: takardar shaidar hannun jari, sunanka a rajistar mambobi, sanarwar taron da ba a aiko maka ba, rahoton kuɗi na shekara da ka nema a rubuce aka hana, saƙonnin da ke nuna yadda aka shirya tun farko. Masu kashi ɗaya cikin goma na jarin da ke da ƙuri'a suna iya tilasta wa daraktoci kiran taro na musamman, kuma yadda daraktocin suka amsa wannan buƙata kansa shaida ne.

Idan kuwa kuɗin kamfanin aka wawure, akwai sashe na 346, inda kake neman izinin kotu ka yi ƙara da sunan kamfanin. Sai ka nuna ka sanar da daraktoci sun ƙi motsi, kuma da kyakkyawar niyya kake yi, don amfanin kamfanin. Abin da aka ƙwato asusun kamfanin zai shiga, wato hannun mutanen da kake ƙara. Wanda ya riga ya yanke shawarar fita, koken da zai kai ga sayen rabonsa ya fi masa.